Kafin ka ɗora bene a kan lamba 150 da ke rahoton gwajin ƙasa

*"Salamu alaikum Injiniya. An ba ni lissafin wani bene mai hawa uku a bayan garin Kano, kusa da fadama. Mai ginin ya kawo rahoton gwajin ƙasa da aka yi a watan Maris. A taƙaitaccen bayanin an ce ƙasar za ta ɗauki 150 kN/m², a haƙa mita 1.5, a yi wa kowace fila gindinta. Iyakar abin da aka ce ke nan. In ɗauki lambar in ci gaba, ko da abin da ya kamata in duba tukuna?"*

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Dakata tukuna, kada ka ɗora komai a kanta. Ba ina cewa lambar ƙarya ce ba, don mai yiwuwa daidai take. Matsalar ita ce an ba ka ita tsirara, ba tare da sharuɗɗan da aka haife ta a cikinsu ba.

Ƙarfin ɗaukar nauyi ba wani abu ba ne da ke kwance cikin ƙasa kamar launinta ko damshinta, wanda za a je a auno a kawo. Amsar lissafi ce. Wani ya zauna ya zaɓi faɗin harsashi, ya zaɓi zurfi, ya yanke inda ruwan ƙasa yake, ya yanke yawan saukar da zai yarda gini ya yi, sannan lamba ta fito. Ka sauya ɗaya daga cikin waɗannan, lambar ta sauya, alhali ƙasar tana nan yadda take. Don haka aikinka na mai duba rahoto shi ne ka gano wane harsashi mai rahoton yake gani a ransa lokacin da ya rubuta 150, ka ga ko shi ne irin wanda za ka zana.

Hanya biyu ƙasa ke ba gini kunya. Ta farko, ta tsage a ƙarƙashin harsashi, ta kumbura ta gefe, harsashin ya nutse ko ya karkata farat ɗaya. Lissafin wannan shi ne wanda muka koya a makaranta daga Terzaghi, wanda ya fitar a 1943, sannan Meyerhof da Hansen da Vesic suka yi masa gyare-gyare daga baya. Ta biyu, ƙasar ba ta tsage ba, amma ta matse a hankali, gini ya zauna, wani ɓangare ya fi wani, bango ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa. A cikin gine-ginen da ake kira na in duba, na biyun ne ya fi yawa nesa ba kusa ba. Kuma shi ne wanda taƙaitaccen bayani ya fi yin shiru a kansa.

Wace lamba ce aka ba ka

Fara da abu mai sauƙi. Buɗe rahoton ka nemi kalmar da ke gaban lambar. In `ultimate` ce, to nauyin da ƙasa za ta tsage a kansa ke nan, ba a gini da shi. In `allowable` ce, an riga an raba, sai ka nemi da nawa aka raba. Abin da aka saba a ƙananan harsasai shi ne 3, wasu su yi 2.5 idan gwajin ya wadata. Dole rahoton ya faɗi wannan a fili. In 150 ɗinka ba a raba ta ba, abin da ke hannunka 50 ne, kuma ka ga wannan wani gini ne dabam.

Sai `net` da `gross`. Ƙasar da za a kwashe daga ramin mita 1.5 tana da nauyinta, wajen 27 kN/m² idan muka ɗauki 18 kN a kowace kubik mita, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. Lambar `net` tana nufin abin da za ka ƙara a bisa wancan nauyin da ƙasar ta riga ta saba da shi. Lambar `gross` kuwa ta haɗa da shi, don haka sai ka cire nauyin kankaren gindi da cikon da za a mayar kafin ka san abin da ya rage wa fila. A kan 150, bambancin ya kusa kashi ɗaya cikin biyar. Ba zai rushe gini shi kaɗai ba, amma yana cin ratar da kake tsammanin kana da ita.

Akwai kuma ɓangarenka. Lambar da aka riga aka raba da 3, da nauyin gini na zahiri ake gwada ta, ba da wanda ka ninka da 1.4 da 1.6 na BS 8110 ko 1.35 da 1.5 na Eurocode ba. Wancan ninkakken na lissafin rodi da kaurin kankare ne. Masu haɗa su biyun ba sa jefa kowa cikin haɗari, kuɗin mai gini kawai suke binnewa. Wannan ka sani, na faɗa ne don cika magana.

Faɗin gindin fila, inda aka fi yin tuntuɓe

Nan nake so mu zauna sosai. Ban ga takardun ramukanka ba, don haka bari in ƙaga misali irin wanda ake yawan samu a bakin fadama, mu bi shi da lissafi.

A ce ramin gwaji ya nuna haka: daga sama zuwa mita 0.6 baƙar ƙasar noma ce da ciko. Daga nan zuwa mita 3 jar ƙasa ce mai tauri, yashi da yumɓu a cakuɗe, bugun SPT, wato gwajin da ake ƙirga bugun guduma wajen kora bututu cikin ƙasa, wajen 18. Daga mita 3 zuwa 6 kuma laka ce mai taushi, ruwan toka, bugu 5 kacal. A ƙasanta sai ruɓaɓɓen dutse. Mai rahoto ya duba mita 1.5, ya ga jar ƙasa mai kyau, ya ɗauki gindi mai faɗin mita 1, ya yi lissafinsa, ya sami 150. Bai yi ƙarya ba. Ga gindi mai mita 1, lambar nan ta zauna daram.

Yanzu kai ka zo da filar tsakiya mai ɗauke da 900 kN. Ka raba da 150, ka sami murabba'in mita 6, ka zana gindi mita 2.5 kowane gefe. A takarda matsin da ke ƙarƙashinsa 144 ne, bai ma kai 150 ba, sai ka ce an gama.

Abin da ya faru a ƙarƙashin ƙasa dabam ne. Nauyin harsashi ba ya tsayawa a inda kankare ya taɓa ƙasa, yana bazuwa yana sauka, kuma zurfin da yake kaiwa da ƙarfi yana bin faɗin harsashin, kamar ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na faɗin. Gindi mai mita 1 da ke zaune a mita 1.5, tasirinsa ya kusa ƙarewa a mita 3 zuwa 3.5, wato da ƙyar ya taɓa kan lakar. Naka mai mita 2.5 kuwa tasirinsa ya kai mita 5 zuwa 6.5. Ya ratsa lakar nan gaba ɗayanta.

Za ka iya gwada wannan a bayan ambulan da hanyar bazuwa ta biyu da ɗaya, inda ake ɗauka nauyi yana faɗaɗa mita ɗaya ta kowane gefe a duk saukar mita biyu:

```
Δσ = Q / (B + z)²
s  = mv × Δσ × H
```

`Δσ` ƙarin matsi ne a cikin lakar, `s` saukar gindi, `Q` nauyin fila, `B` faɗin gindi, `z` zurfi daga ƙasan gindin, `H` kaurin lakar, `mv` kuma yadda lakar ke matsewa, wanda ɗakin gwaji ke fitarwa. Tsakiyar lakar tana mita 4.5, wato mita 3 ƙasa da gindin. Ga gindin mai rahoto, 150 kN a raba da 16, ƙarin matsi bai kai 10 kN/m² ba. Ga naka, 900 a raba da 30.25, ya kusa 30. Matsi iri ɗaya a sama, amma ninki uku a cikin lakar.

Mu ce `mv` ɗin lakar 0.4 m²/MN ne, wanda ba baƙon abu ba ne ga laka mai taushi. Gindin mai rahoto zai sauka kamar milimita 11. Naka zai sauka kamar milimita 36, kuma wannan daga lakar kaɗai, ba mu sa na jar ƙasar ba. Iyakar da aka fi rubutawa ga gindin fila ɗai-ɗai ita ce milimita 25. Ka wuce ta, ba tare da ka saɓa ko kalma ɗaya ta taƙaitaccen bayanin ba.

Saukar ma ba ita ce ta fi damuna ba. Da gini zai sauka gaba ɗaya daidai wa daida, da wuya kowa ya lura. Dubi filar kusurwa mai 300 kN, wadda za ka ba gindi mita 1.5. Lissafin nan zai ba ta kamar milimita 18. In tsakaninta da babbar filar mita 4 ne, bambancin milimita 18 ya zama karkata ɗaya cikin 220 ko kusa da haka. Skempton da MacDonald, a binciken da suka buga a 1956 kan gine-ginen da suka sauka, sun nuna bango yakan fara tsagewa a wajen ɗaya cikin 300, shi ya sa masu zane ke son tsayawa a ɗaya cikin 500. Irin wannan tsagar ana gane ta: takan taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, a bangon bulo da ke tsakanin fila mai nauyi da marar nauyi, kuma ba ta bayyana ranar da aka tare. Laka a hankali take fitar da ruwanta, sai bayan watanni ko shekaru. A shafe ta da siminti, ta dawo.

Wannan lissafin na bayan ambulan ne, kada ka sa shi a takardar zane. Bim da dakin ɗin bene suna ɗaure filoli, suna rage bambancin. Ginduna da ke kusa da juna kuma matsinsu yana haɗuwa a ƙasa, yana ƙara saukar. Amfaninsa kawai ya nuna maka ko akwai tambayar da za ka yi. A misalinmu akwai.

Ga wani abu da ke ruɗa mutane. A kan yashi, lissafin tsagewa yana cewa ƙara faɗi, ƙara ƙarfi. Lissafin sauka yana cewa akasin haka: ƙara faɗi a matsi ɗaya, ƙara sauka. Shi ya sa rahoton kirki ba ya ba da lamba ɗaya. Yakan ba da jadawali, zurfi a gefe ɗaya, faɗi a ɗaya gefen, ya nuna abin da tsagewa ta yarda da abin da sauka ta yarda, ya ɗauki ƙaramin. In ka ga an ba ka lamba ɗaya ga kowane faɗi, ko dai ƙasar tana da kyau har ba a damu ba, ko kuma ba a yi lissafin sauka ba sam. Duba shafukan baya. In babu gwajin matsewar laka ko ɗaya, kuma akwai laka a bayanin ramin, ka san amsar.

Kada kuma wani ya ce maka a koma raf, wato harsashi guda shimfiɗe a ƙarƙashin ginin duka, kawai a huta, da wannan 150 ɗin. Raf mai faɗin mita 12 yana magana da ƙasa har mita 18 ko fiye. In ramukan gwajin sun tsaya a mita 6, rahoton bai san komai game da ƙasar da raf ɗin zai zauna a kai ba, sai dai in sun tsaya ne don sun ci karo da dutse, kuma an tabbatar dutsen shimfiɗa ne, ba ƙaton dutse guda da ke yawo cikin ruɓaɓɓiyar ƙasa ba. A yankunan Kano da Zariya da Kaduna da Abuja, inda ƙasa ta samu daga ruɓewar dutsen da ke ƙarƙashinta, wannan yana faruwa sosai, kuma zurfin dutsen yakan sauya ƙwarai tsakanin rami da rami.

Watan Maris

Wannan ne ya fi tsaya mini a tambayarka. A Maris ana tsakiyar rani, an yi watanni ba ɗigon ruwa. Ruwan ƙasa ya ja baya, jar ƙasa ta bushe ta ƙanƙame har diga tana tsalle a kanta. Ginin kuwa zai ga Agusta da Satumba kowace shekara, a bakin fadama.

Ruwa yana cin ƙarfin ƙasa ta hanya biyu. A yashi, ƙasar da ta nutse cikin ruwa nauyinta mai aiki yana faɗuwa daga wajen 18 zuwa wajen 10, kuma ƙarfin yashi daga nauyinsa yake zuwa. Ɗauki dogon harsashi mai faɗin mita 1 a zurfin mita 1.5, a yashi mai kusurwar goga digiri 30. Da lambobin Meyerhof, bayan an raba da 3, busasshe zai ba ka kamar 210. In ruwa ya taso har saman ƙasa, ya koma kamar 120. Kusan rabi. A jar ƙasa mai yumɓu kuma, wani kaso na taurin da aka auna a rani na bushewa ne kawai. Ɗauki ɓarin ta ka jefa cikin bokitin ruwa ka koma bayan awa ɗaya. Wata za ka tarar tana nan da siffarta, wata ta narke ta kwanta a gindin bokitin. Gwajin da aka yi wa busasshen samfuri ba zai gaya maka wace iri ce taka ba.

Saboda haka nemi abu uku a rahoton: a wane zurfi aka ga ruwa, wace rana, kuma wane zurfi aka ɗauka cikin lissafi. Na ukun shi ne mai muhimmanci, shi ne kuma ba a cika rubutawa ba. Jimlar nan da ake yawan gani, cewa ba a ci karo da ruwa ba a lokacin bincike, gaskiya ce game da ranar da aka haƙa, ba game da damina ba. Ko a ranar ma, ramin da ke cikin laka yana buƙatar a bar shi aƙalla kwana guda kafin ruwa ya taru ya tsaya, kuma in da ruwa aka yi haƙar, abin da aka auna nan take ruwan tanka ne.

Ƙasar da kanta tana ba da shaida. Karanta bayanin launi a takardar rami. Inda aka rubuta ruwan toka mai ɗigo-ɗigon tsatsa, nan ruwa ke hawa yana sauka duk shekara. Sannan je filin ka leƙa rijiyoyin maƙwabta, ka tambayi mai gida inda ruwa ke kaiwa a Agusta, ka tambayi wanda ya haƙa masai a layin ko ruwa ya taɓa cika masa rami. In lokaci ya ba da dama, a bar bututu mai huji a ɗaya daga cikin ramukan a riƙa aunawa har damina ta wuce. In bai ba da dama ba, a irin wurinka ni nakan ce a yi lissafi kamar ruwa ya kai gindin harsashi, ko ma saman ƙasa.

Daga ina lambar ta fito

Yawancin rahotanninmu a kan SPT suke tsaye. Ƙa'idarsa: guduma mai kilo 63.5 tana faɗowa daga milimita 760, ana kora bututu milimita 450, a bar bugun 150 na farko, a ƙirga na 300 da suka rage. A fili kuwa, in ka tsaya kusa da injin, za ka ga igiya ce aka naɗa a kan wani ƙarfe mai juyawa, mutum yana ja yana saki. Da safe yana sakinta sarai. Da azahar, rana ta take, hannu ya gaji, gudumar ba ta kai alamar ba, ko igiyar tana riƙe ta wajen faɗowa. Duk bugun da bai cika ƙarfi ba yana ƙara yawan ƙirga, ƙasa ta fito a takarda ta fi yadda take ƙarfi. Kuskuren yana karkata ne zuwa ɓangaren haɗari. Shi ya sa ake gyara ƙirgar zuwa kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin guduma, abin da za ka gani an rubuta `N60`. Duba ko an yi gyaran, da irin gudumar da aka yi aiki da ita. A marmara kuma, bakin bututun yakan hau kan tsakuwa guda ya ba da ƙirga mai yawa a wuri ɗaya. In mai rahoto ya haɗa wannan cikin matsakaicinsa, ya ɗaga lambar ba gaira ba dalili.

Maganar matsakaici ma abin dubawa ce. Rami uku, ɗaya ya ba da 8, biyu sun ba da 20, sai a haɗa a raba a ce 16. Amma filar da ta faɗo kan wurin 8 ba ta san da matsakaici ba. Nemi taswirar ramukan ka ɗora ta a kan zanen ginin. Wani lokaci za ka tarar an matsar da ginin bayan an yi gwajin, ko an ƙara masa hawa, ko ramukan duk suna gefen titi inda mota ta iya shiga, ɓangaren da ke gangarawa fadama ba a taɓa shi ba.

In da faranti aka yi gwajin, wato aka ɗora nauyi a kan ƙarfe mai faɗin santimita 30 zuwa 60, ka tuna lissafinmu na sama. Farantin bai ji abin da ya wuce mita ɗaya a ƙarƙashinsa ba. Lakar da ke mita 3 ba ta cikin labarinsa.

Abu biyu kuma suna soke lambar gaba ɗaya, ko da lissafin ya yi kyau. Na farko ciko. Kano cike take da tsofaffin kududdufai da aka haƙa don ƙasar gini, aka cike su da shara da ɓaraguzai, aka yanka filaye a kai. In takardar rami ta ambaci leda, gawayi, toka ko fasassun tukwane, to har zurfin da suka kai ba ƙasar Allah ba ce, kuma babu lissafin Terzaghi da ya shafe ta, domin tana ruɓewa tana zama ko ba a ɗora mata komai ba. Na biyu baƙar laka mai kumbura, irin firgin Borno wajen Dikwa da Ngala, wadda ake samun danginta a wasu fadamu. A rani tana da tauri, za ta ba da lamba mai kyau. Matsalarta ba ɗaukar nauyi ba ce, ɗaga gini take yi da damina ta sake shi da rani. Ana gane ta da manyan tsagogi a fuskar ƙasa da rani, da kuma alkaluman danƙo masu yawa a gwajin Atterberg. Rahoton da ya sami irin wannan ƙasa ya ba ka 150 bai ce komai kan kumburi ba, ya amsa tambayar da ba ita ce ke gabanka ba.

Abin da za ka rubuta musu

Kada ka gyara lambar da kanka, kuma kada ka zaftare ta zuwa 100 don ka sami barci. A misalinmu rage lambar yana ƙara faɗin gindi, faɗin kuma yana ƙara zurfin da nauyi ke kaiwa, don haka ribar ba ta kai yadda kake zato ba: gindi mita 3 zai sauke ƙarin matsin daga 30 zuwa 25 ne kawai. Rubuta wa kamfanin da ya yi gwajin, ta hannun mai ginin. Aika musu zanen filoli da nauyin kowace, mafi nauyi da mafi sauƙi, da tazarar da ke tsakaninsu. Sau da yawa ba su taɓa ganin waɗannan ba, an ce musu bene ne kawai. Ka roƙi su tabbatar a rubuce, da sa hannu da hatimin injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya.

Abin da kake so ya dawo maka ya yi kama da haka: cewa 150 kN/m² ƙari ne a bisa nauyin ƙasar da aka kwashe, an raba da 3, ya shafi ginduna masu faɗin mita 1 zuwa mita kaza, a zurfin da bai gaza mita 1.5 daga fuskar ƙasa ta asali ba, a kan jar ƙasa mai tauri ba a kan ciko ba, nauyi a tsaye kuma a tsakiyar gindi, an ɗauka ruwa yana zurfi kaza, saukar da ake tsammani ba za ta wuce milimita 25 ba, kuma duk gindin da ya fi wannan faɗi sai an sake lissafi. Layi biyar ne ko shida. Wanda ya yi lissafin da gaske zai rubuta su cikin rabin awa.

Lura da maganar fuskar ƙasa ta asali. Filayen bakin fadama kusan kullum sai an yi musu ciko an ɗaga su. In an zuba mita ɗaya na ciko bayan gwajin, ɗan kwangila ya auna mita 1.5 daga sabon saman, gindinka yana rabin mita ne cikin tsohuwar ƙasa, wato cikin baƙar ƙasar noma. Cikon kansa kuma nauyi ne, wajen 18 kN/m² a faɗin filin duka, kuma da yake shimfiɗe yake ko'ina, yana isa lakar nan ba tare da ya ragu ba. A misalinmu wannan kaɗai ya haura rabin abin da babbar fila ke aika mata. Sa ma'aunin tsayi a zanenka daga wata alama tabbatacciya, kada ka rubuta zurfi kawai.

Haka filar da ke kan iyakar fili, wadda aka tura gefen gindinta don kada a shiga filin maƙwabci. Matsin da ke ƙarƙashinta ba daidai yake ba, gefe ɗaya ya fi, kuma 150 ba ta san da ita ba sai an faɗa.

In amsarsu ta nuna sauka ta wuce iyaka, zaɓin yana hannunku ku biyu: a haɗe gindunan, a koma raf bayan an zurfafa bincike, ko a sauke turaku su wuce lakar su zauna a kan ruɓaɓɓen dutsen da ke mita 6. Wanne ya fi, wannan sai da takardun ramukan a gaba, ba zan yanke maka daga nan ba.

Ko rahoton ya dawo tsaf, ramuka uku masu faɗin tafin hannu ne suka yi magana a madadin fili guda. Rubuta a zanenka cewa ba za a zuba kankaren share fage ba sai injiniya ya ga gindin kowane rami. Ranar, ka sauka ciki da kanka da guntun rodi. Duba ko launin ƙasar shi ne wanda rahoto ya ce, ka danna rodin da nauyin jikinka a kusurwa huɗu da tsakiya, ka kwatanta rami da rami. Wanda rodin ya shige masa fiye da 'yan uwansa, ko ƙasarsa ta fito baƙa, ko ruwa ke tsattsafowa a gindinsa, a tsayar da shi a kira masu gwajin. Ramin da ya kwana da ruwan sama kuma, a kwashe taɓon har a kai ƙasa mai tauri kafin a zuba komai.